Tiyar Auna Hujja

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Malamin da ya daɗe yana duba takardun ɗalibai yakan gane mai kyau tun daga layi biyar na farko, kamar yadda mai awo a kasuwar Gaya yake duban buhun gero ya faɗi tiya nawa ke ciki kafin a kwance bakinsa. Amma ba wanda zai yarda a sayar masa da gero da ido. Sai an ɗauko tiya an auna a gabansa, kuma tiyar da aka auna wa na farko ita za a auna wa na ƙarshe. A makarantunmu na Nijar, wannan tiya ita muke kira barem, takardar da ke faɗin yadda za a raba maki ashirin a kan rubutun ɗalibi. Tsara ta sana'a ce, kuma na ga gwaninta a hannun wani dattijon malamin tarihi da muka koyar tare a nan Gaya.

Garinmu a bakin iyaka yake. In ka haye gadar kogin Kwara ka shiga Malanbil ta ƙasar Benin, in ka yi gabas kaɗan ka isa Kamba ta jihar Kebbi. A Nijar da Benin maki ashirin ake rabawa, goma ce matakin tsira. A Najeriya ɗari ake rabawa. Amma tambayar da ke gaban mai jan biro ɗaya ce a ko'ina: me nake biya? Dattijon nan yakan ba 'yan ajin ƙarshe aikin rubutu a kan wani gini ko wani aikin hannu na ƙasarmu, irin su fadar Zarmakwai ta Dosso, da gumakan yumɓu na Bura da ke gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, da aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga. A irin wannan rubutu ne matsalar biya ta fi fitowa fili, domin abin da ake magana a kai abin kallo ne, kuma yaro yana iya cika shafi huɗu da siffanta shi ba tare da ya ce komai a kansa ba.

Siffantawa da kafa hujja

Malam yakan bayyana bambancin da misalin zauren alƙali. Mutum ya zo ya ce, “Gonar tana yamma da fadama, akwai giginya uku a cikinta, ƙasarta baƙa ce.” Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, amma alƙali zai tambaye shi, “To, me kake nema?” Wani kuma ya zo ya ce, “Gonar tawa ce, ga giginya ukun da mahaifina ya yi iyaka da su, ga wanda ya ga an dasa su.” Giginyar ba ta canja ba. A bakin na farko kayan kallo ce, a bakin na biyu shaida ce, domin akwai da'awar da take tsayawa a kai. Rubutun tarihin fasaha shi ma haka yake. Launi, da tsawo, da kayan gini, da shekarar da aka yi, duk giginya ne. Sai an jingina su da wata magana da wani zai iya musawa sannan su zama shaida.

Masana na waje sun daɗe da lura da haka. Erwin Panofsky, Bajamushen masanin tarihin zane, ya kasa kallon hoto mataki uku a wani littafinsa na 1939: ganin siffofin da ke ciki, gane labarin da suke wakilta, sannan fahimtar abin da hoton ke faɗa game da zamanin da mutanen da suka yi shi. Matakin farko dole ne, ba a tsallake shi. Amma wanda ya tsaya a nan kamar wanda ya tara tubali ne bai ɗora ko ɗaya a kan ɗan'uwansa ba. Aikin barem shi ne ya sa yaro ya san tun kafin ya ɗauki biro cewa tubalin da ke ƙasa yana da farashi, amma na bango ya fi shi nesa ba kusa ba.

Yadda ashirin ɗin take kasuwa

Barem ɗin Malam gida biyar ne. Gida na farko shi ne da'awa, maki 5. Na biyu shaida daga jikin abin da ake magana a kai, maki 6. Na uku sanin zamani da wurin da abin ya fito, maki 3. Na huɗu amsa wa mai ja, maki 3. Na biyar tsari da harshe, maki 3. In ka haɗa na farko da na biyu da na huɗu, za ka ga 14 cikin 20 sun tafi ga kafa hujja. Wannan rabon shi kaɗai ya gaya wa ɗalibi inda malaminsa ya sa gaba.

Amma gwanintar ba a rabon take ƙarewa ba. A ƙarƙashin kowane gida ya rubuta abin da zai gani da idonsa a takarda kafin ya ba da maki, ba kalmomi irin su “ya yi kyau” ko “ya yi ƙoƙari” ba, waɗanda kowa ke fassarawa yadda ya so. A gidan da'awa, sifiri ko 1 na wanda bai ɗauki matsaya ba ne, ko ya ɗauki wadda ba mai hankalin da zai musa, kamar a ce ginin yana da kyau kuma yana da tarihi. Maki 2 ko 3 na wanda ya faɗi matsaya a gabatarwa sannan ya manta da ita, sai a ƙarshe ya tuno. Maki 4 ko 5 na wanda matsayarsa za a iya musa ta, tana da iyaka, kuma kowane sakin layi yana yi mata aiki. Gwajinsa a nan gajere ne. Yakan karanta jimlar ya tambayi kansa, “Wa zai ce a'a?” In ba kowa, ba da'awa ba ce.

Gida na biyu shi ne inda ya ɗaure akuyar. Ya rubuta cewa siffantawa zalla, komai kyanta, komai tsawonta, ba ta wuce 2 cikin 6. Ana hawa 3 ko 4 ne in ɗalibi ya zaɓi abubuwan da ya gani ya haɗa wasunsu da matsayarsa. Ana kai 5 ko 6 in kusan duk abin da ya nuna yana ɗauke da nauyi, har in an cire shi hujjar ta yi rauni. Lissafin wannan rufi da ya sa shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Ɗauki yaron da bai kafa wata hujja ba amma ya yi duk sauran daidai. Zai samu 1 a da'awa, 2 a shaida, 3 a sanin zamani, sifiri a amsa wa mai ja, 3 a harshe. Jimla 9. Ko ya ƙure iyawarsa ba zai taɓa goma ba. Malam bai hana shi hakkinsa na gani da sani ba, amma ya gina tiyar yadda ba za ta cika da siffantawa kaɗai ba. Na tambaye shi ko da gangan ya yi haka, ya ce, “Ƙanena, in barem ya bar mai siffantawa ya kai sha biyu, duk wa'azin da na yi a aji a kan hujja iska ce. Yara ba bakina suke saurare ba, jan birona suke saurare.”

Masallacin Yama a kan tabarma

Bari in kawo aiki ɗaya da na ga an duba daga farko har ƙarshe. Batun shi ne masallacin Juma'a na Yama, wani ƙauye a jihar Tawa. Alhaji Falke Barmu, magini ɗan garin, ya fara gina shi da laka a 1962, mutanen gari suna taimakawa kowa da abin da ya iya, wani tubali, wani ruwa, wani itace. Ginin farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai da yawa a ciki da mihirabi da ya fito waje. A 1975 aka sake rufin, aka ɗora shi a kan bakan gizo, aka yi ƙubba a tsakiya. Daga baya, zuwa 1982, aka tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da irin siffarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Malam ya raba wa yara hotuna da waɗannan shekaru, ya kuma ba su tambaya guda: Falke Barmu mai riƙon gado ne ko mai ƙirƙira?

Yadda ya sa tambayar ma wani yanki ne na aikin. Da ya ce su bayyana masallacin Yama, to siffantawa ya nema, kuma zalunci ne ya hukunta wanda ya ba shi abin da ya nema. Barem mai biyan hujja dole ya tafi da tambaya mai baki biyu. Kuma ya rubuta barem ɗin a allo tun ranar da ya ba da aikin, kowa ya kwafa a littafinsa.

Da Faransanci yaran suka yi rubutun, ni ne nake juya shi zuwa Hausa a nan. Takarda ta farko shafi huɗu ce, rubutu kamar an tsara da zare. Yaron ya fara da inda Yama take, ya zo kan shekarar 1962, ya siffanta katanga, ya siffanta ƙofofi, ya ɗauki hasumiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci kyautar 1986, ya rufe da cewa masallacin abin alfahari ne ga Nijar. Ba kuskure ko ɗaya a ciki. Malam yana karantawa yana sa alama iri biyu a gefen shafi: ɗan layi a duk inda yaro ya ga wani abu, ɗan zobe a duk inda ya ce abin da ya gani yana nuna kaza. Da ya gama, layuka sun cika gefen takarda, zobe babu ko ɗaya. Sai ya yi gwaji na biyu. Ya ce in ɗauki sakin layin hasumiyoyi in karanta shi kafin na katanga, in gani ko wani abu ya lalace. Ba abin da ya lalace. Ya ce, “Rubutun da za ka juya shi ta ko'ina bai rushe ba, jeri ne. Hujja in ka zare mata tubali ɗaya sai ta faɗi.” Ya ba shi 1, da 2, da 2, da sifiri, da 3. Takwas.

Takarda ta biyu ta wata yarinya ce, shafi biyu da rabi, da kurakuran nahawu nan da can. Jimlarta ta uku ta ce Falke Barmu bai ƙirƙiro dabarar gini ko ɗaya ba, amma ya ƙirƙiro siffa, kuma a nan ne girman aikinsa yake. Sai ta shiga kawo shaidu. Ta ce mu mutanen Gaya mun san azara, domin giginyar Dallol Mauri ce ake faskarawa a yi ta, kuma kowa ya san azara ba ta ratsa faɗi mai yawa ba tare da ta sunkuya ƙarƙashin nauyin laka ba. Saboda haka duk ginin ƙasa mai shimfiɗaɗɗen rufi dole ya cika da ginshiƙai kusa da kusa, kamar Yama ta 1962. Maganin wannan shi ne bakan gizo, inda ake jera itace ana ɗaure wani a kan wani, ana lulluɓe shi da laka, har hannu biyu su haɗu a sama. Amma, in ji ta, wannan magani ba na Falke ba ne. Babban Gwani Mika'ilu ya yi shi a masallacin Juma'a na Zariya tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, fiye da shekara ɗari kafin Yama. Rufin 1975 ke nan gado ne.

Daga nan ta juya ga hasumiyoyi. Ta kwatanta su da ta masallacin Agadas, wadda take ita kaɗai, doguwa, kimanin mita 27, tana tsukewa zuwa sama, an tsara ta don a hango ta daga nesa. A Yama kuwa huɗu ne, kuma ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Ta ce da maginin yana bin wani samfuri da ya gada, da ya maimaita shi sau huɗu, don maimaitawa ta fi sauƙi kuma ta fi kiyaye al'ada. Rashin maimaitawar shi ne shaidar cewa kowace hasumiya gwaji ce. Sannan ta tsaya ta ce mai ja zai iya cewa bambancin ya zo ne kawai don ba lokaci ɗaya aka gina su ba, kuma laka ba ta fitowa daidai kamar siminti. Ta amsa cewa bambancin da rashin daidaiton laka ke kawowa ƙarami ne, karkata nan, kauri can, amma a nan tsarin kawunan ne gaba ɗaya ya bambanta.

Gefen wannan takarda zobe ne ke bin layi kusan ko'ina. Malam ya ba ta 4 a da'awa. Bai ba ta 5 ba don a ƙarshe ta zarce ta ce duk maginan Hausa haka suke, alhali magini ɗaya ta tattauna. Ya ba ta 5 a shaida. A sanin zamani ya ba ta 2, domin ba ta ce komai ba game da aikin gayya na mutanen gari, wanda yake da bakin magana a kan wa ya yanke shawarar siffar ginin. A amsa wa mai ja ya ba ta 2, don ta amsa rabin ƙorafin ta bar batun tazarar shekaru a buɗe. A harshe 2. Sha biyar. Ta kusa ninka wanda ya fi ta tsawon rubutu da tsabtar Faransanci, kuma kowane maki da aka ba ta ko aka hana ta akwai layin da za a nuna mata da yatsa.

Takarda ta uku ita ce ta nuna mini cewa barem ɗin ba ya biyan ƙarfin murya. Yaron ya buɗe da cewa babu komai na Hausa a masallacin Yama, duk kwaikwayon ƙasar Larabawa ne maginin ya yi bayan ya je aikin hajji. Magana ce da za a iya musawa, kuma ya riƙe ta har ƙarshe, sai dai ba ta da iyaka, don haka ya samu 3 a gida na farko. Amma ko sau ɗaya bai koma ga hotunan ba. Bai nuna wace hasumiya ce ta yi kama da ta wane masallaci ba, bai ce uffan game da laka da bakan gizo ba, waɗanda su ne za su fara ƙaryata shi. Shaida 1, sanin zamani 1, amsa wa mai ja sifiri, harshe 2. Bakwai, ƙasa da mai siffantawa. A gefe Malam ya rubuta masa cewa da ya ɗauko batun hasumiya huɗu a kusurwoyi, abin da ake gani a wasu manyan masallatai na gabas, ya kwatanta da hoto, da maganarsa ta samu ƙafar tsayawa. Bai hukunta shi don bai yarda da shi ba. Ya hukunta shi don ya shigo zaure da ƙara ba shaidu.

Inda tiya ke lotsewa

Ko tiya mai kyau tana lotsewa a hannun mai awo, kuma Malam ya san wuraren da tasa ke lotsewa. Na farko harshe ne. Yaranmu suna tashi da Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci a gida, su zo su yi rubutu da Faransanci. Takarda mai santsin harshe tana sa mai dubawa ya ji kamar akwai tunani a ciki ko da babu, mai gargada kuma tana ɓoye tunanin da ke akwai. Shi ya sa ya killace harshe a gidansa na maki 3, kuma shi yake cikewa a ƙarshe. In ya ga takardun da suka samu 3 a harshe duk su ne suka samu 4 da 5 a da'awa, sai ya koma ya sake karanta su, don alama ce cewa kunnensa ne ya yi awo ba barem ba.

Na biyu ra'ayin malami ne. Shi kansa yana ganin aikin gayya ya fi hannun magini ɗaya tasiri a Yama, amma bai rubuta wannan a barem a matsayin amsar da ake jira ba. Barem da ya lissafa abubuwan da dole ɗalibi ya ambata, maki ɗaya ga kowanne, yakan koma biyan haddar darasi, ko da an rubuta hujja a samansa da manyan baƙaƙe. Nasa yana faɗin irin aikin da yake so a yi, ba inda yake so a ƙare ba. Hanyar gane ko ra'ayinka ya shiga awo ita ce ka ware takardun da suka saɓa maka ka duba makinsu. In duk suna ƙasa, da wuya a ce dukkansu ne ba su da shaida.

Na uku gajiya ce. Takarda ta arba'in ba ta samun idon da ta farko ta samu, musamman a zafin watan Afrilu. Kafin ya sa maki ko ɗaya yakan karanta goma, ya zaɓi uku, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, ya ajiye su a gefen tabarma. Duk bayan takarda goma sai ya sake duba su don hannunsa ya dawo daidai. Wani lokaci yakan ba ni biyar in duba ba tare da na ga makinsa ba. In tazararmu ta wuce maki 2 a takarda, ba ma raba bambancin biyu mu wuce. Muna neman gidan da muka saɓa, kuma sau da yawa sai mu tarar da wata kalma ce a barem take ɗaukar fassara biyu. A nan take yake gyara ta. Ta haka ne “ya yi amfani da shaida” ta koma “ya nuna wani sashe na abin, ya faɗi me yake tabbatarwa.”

Na huɗu dabarar yara ce. Da zarar sun gane ana sa zobe a inda aka ce “saboda haka,” sai su riƙa yayyafa ta ko'ina. Za ka ga an rubuta cewa masallacin na laka ne, saboda haka yana da muhimmanci. Malam ba ya sa zobe don kalmar. Yakan rufe rabin jimlar na farko da yatsa, ya musanya shi da kishiyarsa a zuciyarsa. In da masallacin na siminti ne, shin za a iya cewa yana da muhimmanci? Za a iya. To, lakar ba ta tabbatar da komai ba. Amma jimlar yarinyar nan ba ta jure wannan juyi: in da hasumiyoyin iri ɗaya ne, maganarta ta gwaji ta rushe. Wannan rushewar ita ce alamar cewa shaidar tana ɗauke da nauyi da gaske.

Akwai kuma iyakar da barem ɗin bai iya tsallakewa, kuma shi ma ya yarda da ita. Wani yaro idonsa ya fi bakinsa. Yakan lura da abin da ba wanda ya lura da shi, kamar yadda inuwa ke kwanciya a kan ɗamarar da ke jikin hasumiya, amma bai kai ga sanin me zai yi da shi ba. A tiyar nan makinsa ba zai yi yawa ba. Malam ba ya karya barem dominsa, don in ya karya wa ɗaya ya zalunci saura. Abin da yake yi shi ne ya ja layi biyu ƙarƙashin wurin ya rubuta, “Ka gani da kyau. Yanzu gaya mini, don me maginin ya so wannan inuwar?” Sau da yawa wannan tambaya ce ke zama da'awar yaron a aiki na gaba.

Ranar da aka mayar da takardu, mai takwas ɗin ya tsaya bayan an tashi. Ya ce, “Mushe, ni fa ban yi kuskure ko ɗaya ba.” Malam ya ce, “Gaskiya ne, ɗana, shi ya sa ka samu duk abin da ake biya a kan gani.” Ya buɗe masa shafi na uku, inda yaron ya rubuta cewa hasumiyoyin ba su yi kama da juna ba, ya ɗora yatsa a kan ɗigon da ya rufe jimlar. Ya ce, “A nan ka tsaya, kuma a nan ya kamata ka fara. Goge wannan ɗigon, ka rubuta abin da rashin kamar ke nunawa, ka kawo mini ranar Litinin.” Yaron ya koma bencinsa ya ɗauko biro, bai jira Litinin ba.